Rawayar Ganye Ba Hujja Ba Ce: Gyara ga Masu Rubuta Rahoton Ziyarar Gona

Wata ɗabi'a ta zama ruwan dare a tsakanin ɗaliban aikin gona da ake turawa sanin makamar aiki a ƙarƙashin shirin SIWES, ko suna tare da KNARDA a Kano ko da wata hukumar bunƙasa noma ta jiha, wato su tsaya a bakin gona su hangi masara ta yi rawaya, su koma masauki su rubuta cewa gonar tana fama da ƙarancin taki, saboda haka a ƙara mata yuriya. Wannan jimla takan maimaitu a rahoto bayan rahoto, har malamin da ke dubawa ya gane cewa marubutan ba su taka kunya ko ɗaya ba.

Rahoton ziyara bayani ne na ranar da aka je, da gonar da aka duba, da abin da aka gani, da shawarar da aka bayar. Inda ɗalibi ke tuntuɓe shi ne wajen zuba hukuncinsa a gurbin abin da idonsa ya gani, domin ƙarancin taki fassara ce, kuma rawayar masara tana da dalilai fiye da ɗaya. Idan sinadarin naitirojin ne ya yi ƙaranci, rawayar takan fara daga tsofaffin ganyaye na ƙasa, ta taso daga tsinin ganye ta bi jijiyar tsakiya, alhali na sama suna nan kore. Idan ruwa ne ya kwanta, za a same ta a kwarin gonar, tudun kuwa lafiya lau. Idan kuma ƙuduji ne, wanda wasu ke kira wuta-wuta, masarar takan tsumbure ta yi yaushi kamar ana fari ko da ƙasa na da danshi, saboda ciyawar tana manne da saiwa tana tsotsar abinci makonni kafin ta ɓullo da furenta mai ruwan hoda. Duk wanda bai durƙusa ya tona gindin shuka ba, ba shi da hurumin zaɓar ɗaya daga cikin ukun nan.

A ɗauki misalin gona mai hekta ɗaya da aka ziyarta makonni bakwai bayan shuka. Ɗalibin zai ratsa ta a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, ya tsaya a wurare biyar nesa da gefe, ya duba tsirrai ashirin a kowane wuri, jimilla 100. Sai ya rubuta, alal misali, cewa 38 daga cikinsu sun tsumbure ba su kai gwiwa ba, akasarinsu a gabashin gonar inda ƙasa take jigawa, cewa ƙuduji ya ɓullo a gindin 22, kuma da aka tone biyar daga waɗanda ba a ga komai a gindinsu ba an iske fararen tsirransa a saiwar huɗu. Bayanin manomi yana da nasa gurbin, a kuma nuna cewa faɗarsa ce: ya ce shekara huɗu a jere yana shuka masara ko dawa a wurin, kuma ya zuba kamfa buhu uku. Mai karanta wannan yana iya yanke hukunci da kansa ko bai taɓa ganin gonar ba.

Shawara kuwa dole ta fito daga abin da aka ƙidaya, ta faɗi aikin da za a yi da lokacinsa. A wannan gona, abin gaggawa shi ne a tuge ƙudujin kafin ya yi fure, a fitar da shi a ƙone, domin tsiro ɗaya yana zubar da dubban ƙwayoyin iri da kan yi fiye da shekara goma a ƙasa ba su mutu ba. A damina mai zuwa a shuka waken suya a ɓangaren gabas, saboda saiwarsa tana sa irin ƙuduji ya tsiro ya rasa abin kamawa ya mutu, sannan idan an dawo da masara a nemi iri mai jure masa irin SAMMAZ 15 na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. Yuriya tana da amfani a nan, domin naitirojin yana rage wa masara illar ƙuduji, sai dai ba ta kawar da irin da ke binne, kuma rashin tausayi ne a sa manomi ya ci bashi ya saye ta da zaton ita kaɗai ce magani.

Sauran kurakurai, kamar mantawa da kwanan wata ko kwafar rahoton bara, gyaransu ba wuya. Abin da ziyara ɗaya ba ta iya tabbatarwa, irin adadin sinadaran da ke cikin ƙasa, sai a rubuta ƙarara cewa yana jiran gwajin ƙasa, a kuma sa ranar komawa, kamar bayan mako biyu, don a sake ƙidaya a wuraren nan biyar.