Fulawa da Dusa: Wa Zai Ɗauki Kuɗin Niƙa?

Idan kamfanin niƙa ya zuba alkama a inji, fulawa da dusa tare suke fitowa, kuma kuɗin alkama da na wuta da albashin ma'aikata a kansu duka aka kashe. Don haka dole akanta ya raba wannan kuɗi tsakaninsu, ko dai bisa nauyi, ko bisa darajar kowanne a kasuwa.

A ƙaddara an niƙa tan 100 na alkama a kan naira miliyan 60, aka samu fulawa tan 75 da dusa tan 25, kusan yadda aka saba samu. A ce tan ɗin fulawa naira 900,000 ne, na dusa 300,000. Cinikin fulawa ya kama miliyan 67.5, na dusa miliyan 7.5, jimla miliyan 75.

Rabon nauyi sikeli kawai yake dubawa. Kowane tan zai ɗauki naira 600,000, wato fulawa miliyan 45, dusa miliyan 15. A takarda fulawa ta ci ribar miliyan 22.5, dusa kuwa ta faɗi da miliyan 7.5.

A rabon daraja, tunda fulawa ce ta kawo kashi 90 cikin ɗari na ciniki, ita za ta ɗauki miliyan 54, dusa miliyan 6. Ribar fulawa ta koma miliyan 13.5, ta dusa miliyan 1.5, wato kowacce kashi 20 cikin ɗari na cinikinta.

Ko ta wace hanya aka bi, ribar kamfani miliyan 15 ce. Hatsarin yana ga manajan da ya gaskata faɗuwar dusa har ya daina sayar wa masu kiwo. Injin ba zai fasa fitar da ita ba, kuɗin niƙa ba zai ragu ko da kwabo ba, sai dai riba ta zube zuwa miliyan 7.5.

Bambancin yana fitowa fili idan kaya suka kwana a sito har ƙarshen shekara. Tan 10 na dusa miliyan 6 ne a lissafin nauyi, alhali kasuwa miliyan 3 za ta biya. Ƙa'idar akanta ba ta yarda a rubuta haja sama da abin da za ta iya kawowa ba, don haka sai an zaftare. Rabon daraja ya ba ta miliyan 2.4, babu buƙatar gyara.

Shi ma rabon daraja yana da rauni. Idan dusa ta yi tsada da rani, kasonta zai ƙaru, na fulawa ya ragu, ba tare da komai ya canza a masana'anta ba. Kuma ba a yanke farashi da shi, domin daga farashin aka samo shi.

Rabon nauyi ya dace da kayan da farashinsu ya yi kusa da juna. Inda ɗaya ya ninka ɗaya sau uku, kamar fulawa da dusa, rabon daraja ya fi kusa da gaskiya.