Rikicewar fifiko a kumbon Pathfinder

A tsarin da dole kowane aiki ya gama a kan lokaci, ƙaramar kwamfuta aiki ɗaya take gudanarwa a lokaci guda, mai fifiko mafi girma ne a gaba. Idan ayyuka biyu na taɓa bayanai iri ɗaya, sai a sa musu makulli mai suna `mutex`, mai riƙe da shi kaɗai ke shiga.

A Yulin 1997 wannan makulli ya rikita kumbon Pathfinder a duniyar Mars. Ƙaramin aikin tattara bayanan yanayi ya riƙe makullin, babban aikin rarraba bayanai ya tsaya jiransa. Matsakaitan ayyuka suka ture ƙaramin, ya kasa sakin makullin. Da jira ya wuce ƙa'ida, sai kwamfutar ta kashe kanta ta sake tashi. Alamar matsalar ke nan: babban aiki na makara, na ƙasa da shi na gudana.

Injiniyoyi suka aika gyara daga duniya, suka kunna gadon fifiko a manhajar VxWorks: mai riƙe da makulli yakan ari matsayin babban da ke jiransa har ya saki. Duk da haka babba yana jira gwargwadon daɗewar riƙon, don haka ake gajarta shi.