Gurabe uku a fom ɗin gwajin jini da ke iya sauya ma'anar sakamako

Ma'aikacin lab ba ya ganin majinyaci. Abin da ke isowa teburinsa kwalba ce da takarda, wato fom ɗin neman gwaji da likita ko nas ta cike. Na'ura za ta fitar da lamba daga duk jinin da aka ba ta, amma ba ta san ƙarfe nawa aka ɗebi jinin ba, ba ta san daga wane hannu ya fito ba, ba ta kuma san maganin da mai jinin ke sha ba. Wannan labarin fom ne kaɗai ke kai shi. Gurabe uku ne aka fi tsallakewa saboda sauri: lokacin ɗiba, nau'in samfur, da bayanin rashin lafiya. Bari mu bi samfur guda ɗaya mu ga abin da ke faruwa idan an bar su fayau.

Mu ƙaddara wani magidanci ne ɗan shekara 52. Wata biyu ke nan yana fama da ƙishirwa da yawan fitsarin dare, kuma yana shan lisinofiril saboda hawan jini. Ya je ƙaramin asibitin garinsu da sassafe bai karya ba. Aka ɗebi jininsa da ƙarfe 8:00 a kwalbar da babu wani sinadari a ciki, aka ajiye har aka tara na sauran mutane, sannan ɗan aike ya kai su lab ɗin birni a kan babur. Sai ƙarfe 12:00 aka juya jinin a na'ura aka raba ruwansa da ƙwayoyinsa. A fom an rubuta suna da shekaru da gwaje-gwaje biyu, suga da sinadaran ƙoda, shi ke nan. Sakamako ya fito: suga 6.1 mmol/L, fotasiyam 6.0 mmol/L.

Lokacin ɗiba

Jinin da ke cikin kwalba bai mutu ba. Jajayen ƙwayoyi da farare suna nan da ransu, kuma abincinsu shi ne sugan da ake son aunawa. Muddin ba a raba su da ruwan jinin ba, a zafin ɗaki suna cinye kusan kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari na sugan a kowace awa. A zafi irin na watan Afrilu, a cikin jaka a bayan babur, cin yana ƙara sauri.

To, mu yi lissafi da kashi 6. A ce sugan mutumin nan 7.8 ne lokacin da allura ta fito daga hannunsa. Ƙarfe 9:00 ya koma 7.3, ƙarfe 10:00 ya zama 6.9, ƙarfe 11:00 ya sauko 6.5, ƙarfe 12:00 kuma 6.1. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, sugan wanda bai ci komai ba idan ya kai 7.0 ya shiga sahun ciwon suga, daga 6.1 zuwa 6.9 kuma gargaɗi ne kawai. Ka ga ke nan awa huɗu sun fitar da shi daga sahun masu ciwo a takarda, alhali ciwon na nan a jikinsa. Za a ce masa ya rage zaƙi ya dawo wani lokaci.

Da an rubuta 08:00 a fom, mai karɓar samfur zai duba agogo ya ga tazarar. A ƙa'ida ana son a raba ruwan jini da ƙwayoyinsa cikin awa biyu, na suga ma da wuri fiye da haka. Ba zai zauna ya ƙiyasta lambar asali ba, domin saurin raguwar ya bambanta daga jini zuwa jini. Zai nemi sabon samfur ne, ko ya rubuta a jikin sakamakon cewa jinin ya daɗe. Shi ya sa fom mai kyau ke da gurbin lokaci biyu, na ɗiba da na isowa lab.

Wanda ya ɗebi jinin shi ke rubuta lokacin, bayan ya ɗiba. Lokacin da likita ya rubuta fom daban ne, don wani lokaci tun jiya aka rubuta shi. A kuma yi amfani da agogon awa 24. “Ƙarfe 8” na iya zama na safe ko na dare, amma 08:00 da 20:00 ba sa rikicewa.

Nau'in samfur

Rubuta “jini” kawai bai isa ba. Lab na son sanin daga ina aka ɗiba, da kuma a wace kwalba aka zuba, domin kowace kwalba da aikinta. Ta suga tana da sinadarin fuloraid da ke hana ƙwayoyi cin sugan, ko da yake yakan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu kafin ya kama sosai. Ta ƙidayar ƙwayoyin jini tana da EDTA mai hana daskarewa. Ta sinadaran ƙoda kuwa ko dai babu komai a ciki, ko tana da hefarin. Kalar murfi takan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka sunan abin da ke cikin kwalbar ake rubutawa, ba “mai jan murfi” ba.

Yanzu mu koma kan fotasiyam ɗin nan 6.0. A lafiyayyen mutum yana tsakanin 3.5 da kusan 5.0, kuma idan ya hau sosai yana iya rikita bugun zuciya. Matsalar ita ce, fotasiyam ɗin da ke cikin jajayen ƙwayoyi ya ninka na ruwan jini fiye da sau 20. Idan ƙwayoyin suka farfashe, ko don an matso jinin da ƙarfi ta siririyar allura, ko don jijjigar hanya da zafi, sai ya tsiyayo ya ɗaga lambar. Wannan yakan nuna kansa: ruwan jinin da ya kamata ya fito ruwan ɗorawa-ɗorawa sai ya fito jaja-jaja.

Akwai wanda ido ba ya gani. EDTA ɗin da ke cikin kwalba a haɗe yake da fotasiyam. Idan jini bai isa ba, wani ya tsiyayo kaɗan daga kwalbar EDTA ya cika ta ƙoda, fotasiyam zai yi sama, kalsiyam kuma ya faɗi ƙasa warwas domin EDTA na kama shi. Ƙwararren ma'aikaci da ya ga waɗannan biyun tare zai yi zargin kwalba kafin ya zargi ƙoda. Haka nan jinin da aka ɗiba a saman inda ake ƙarin ruwa yana gauraye da ruwan. Idan ruwan mai suga ne, sakamakon suga zai tashi ba gaira ba dalili. Don haka ake rubuta hannun da aka ɗiba, da ko akwai ƙarin ruwa a jiki.

Wani zai ce, to a sa kwalbar a ƙanƙara mana kafin a kai. Sanyi yana rage cin suga, gaskiya ne. Amma yana tsayar da ɗan famfon da ke riƙe fotasiyam a cikin ƙwayoyi, sai ya yoyo waje. An gyara gwaji ɗaya, an ɓata ɗaya. Idan har an sanyaya jinin da ba a raba ba, a rubuta hakan a fom.

Bayanin rashin lafiya

A ce ruwan jinin mutuminmu ya fito garau, kalsiyam ma daidai. Shin 6.0 ɗin nan na gaske ne, ko hanya ce ta jawo shi? Ma'aikacin da ke riƙe da fom babu bayani yana tsakanin kuskure biyu. Idan ya ɗauka na bogi ne ya jira sabon samfur gobe, alhali na gaske ne, an bar mutum da hatsari a zuciyarsa. Idan kuma na bogi ne aka ɗauke shi da gaske, za a iya ba mutum maganin sauke fotasiyam ɗin da dama daidai yake.

Layi ɗaya ya isa ya karkatar da hukuncin: hawan jini, yana shan lisinofiril, ana zargin ciwon suga. Lisinofiril na cikin magungunan da ke sa ƙoda riƙe fotasiyam, haka ma sifironolakton. Hawan jini da ciwon suga kuma su ne kan gaba wajen lalata ƙoda. Da wannan bayanin, ma'aikacin zai duba kiriyatinin, ma'aunin aikin ƙoda, ya ɗaga waya ya kira likita nan take, a sake ɗiba yau ɗin nan.

Bayanin yana kuma sauya gwajin da ya dace a yi. Likita na iya neman HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku da suka wuce. Gwajin ya dogara ne da cewa jar ƙwaya na rayuwa kusan kwana 120. A mai sikila ƙwayoyin ba sa kai ko kusa da haka, don haka lambar ba abin dogaro ba ce. Wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan ma haka, tunda wani ɓangaren jinin da ke jikinsa na wani ne. A ƙasar Hausa, inda sikila ba baƙuwa ba ce, kalma ɗaya a fom na iya hana a kashe kuɗi a kan gwajin da ba zai faɗi gaskiya ba.

Ba tarihi mai tsawo ake nema ba. Abu huɗu ne: abin da ke damun mutum da tsawon lokacinsa, cutar da ake zargi ko aka riga aka sani, magungunan da yake sha har da na gargajiya, da yanayin da ke taɓa gwajin, kamar juna biyu, ƙarin jini, ko lokacin cin abinci na ƙarshe. “Zazzaɓi” ko “duba lafiya” kaɗai ba su gaya wa lab komai ba.

Yadda fom ɗin ya kamata ya kasance

Bayani: ƙishirwa da yawan fitsari wata 2, ana zargin ciwon suga. Hawan jini, yana shan lisinofiril. Ba a yi masa ƙarin jini ba. Abinci na ƙarshe 21:00 jiya.

Samfur: jinin jijiya, hannun hagu, babu ƙarin ruwa. Kwalba biyu, ta fuloraid don suga, ta hefarin don sinadaran ƙoda.

Ɗiba: kwanan wata, 08:00, da sunan wanda ya ɗiba.

Sai sunan likita da lambar wayar da za a same shi idan sakamako ya zo da gaggawa. Suna da lambar katin da ke fom dole su zo ɗaya da na jikin kwalba, a kuma rubuta su a gaban majinyacin kafin ya tashi. A layin asibiti ɗaya ana iya samun mutum uku masu suna iri ɗaya, har da sunan uba.

Kai da za a ɗebi jininka ma kana da hannu a ciki. Faɗi gaskiyar lokacin da ka ci abinci, domin shayi mai suga ko kofin koko da asuba sun riga sun karya sharaɗin gwajin, wanda ke son aƙalla awa 8 babu ci sai ruwa. Zo da kwalayen magungunanka. Idan kuma aka miƙo maka kwalba aka ce ka kai lab da kanka, duba ko an rubuta lokaci a fom, sannan ka wuce kai tsaye, kar ka biya kasuwa.