Takardar hutun rashin lafiya: shin dole sai an rubuta sunan ciwon?

A ofisoshi da masana'antu da makarantu masu zaman kansu, gardama ɗaya takan taso duk lokacin da ma'aikaci ya kawo takardar likita. Shugaban ma'aikata ya duba, bai ga sunan ciwo ba, sai ya ce wannan ba takarda ba ce, a koma asibiti a cike. Ma'aikaci kuma, don gudun kada a yanke masa albashi, ya koma ya roƙi likita ya rubuta abin da shi kansa bai faɗa wa 'yan gidansu ba. Maganganun da ake yaɗawa a kan wannan takarda, wasu gaskiya ne, wasu kuwa ba su da tushe a dokar Najeriya.

"Takardar da babu sunan ciwo ba ta da inganci"

Wannan ba gaskiya ba ne. Sashe na 16 na Dokar Ƙwadago ya ba ma'aikaci damar karɓar albashinsa har na ranakun aiki 12 a shekara idan rashin lafiya na wucin gadi ya hana shi zuwa aiki, muddin likita mai rajista ya ba da shaida. Abin da sashen ya nema shi ne shaidar cewa mutum ba shi da lafiya. Bai ce a ambaci ciwon ba. Manyan jami'ai da ƙwararru ba su shiga ƙarƙashin wannan doka ba, takardar kwantiragin aikinsu ce ke tsara hutunsu, kamar yadda ma'aikatan gwamnati ke bin ƙa'idojin aikin gwamnati. Amma dukkansu sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya kare su. Ya ce bayanin lafiyar mutum, da maganin da aka yi masa, da kwanciyarsa a asibiti, sirri ne. Ba a bayyana shi sai da izinin mai shi a rubuce, ko umarnin kotu ko wata doka, ko kuma idan ɓoyewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin babban haɗari. Ga yaro ko wanda ba ya cikin hayyacinsa, iyaye ko mai kula da shi ne ke nema. Mai biyan albashi ba ya cikin wannan jeri.

"To ai wurin aiki ba shi da haƙƙin sanin komai"

Wannan ma kuskure ne. Mai kamfani yana da jadawalin aiki da zai tsara, da wanda zai riƙe gurbin, da albashin da zai lissafa. Yana da haƙƙin sanin ranar da aka duba ma'aikacinsa, da ranar da hutu ya fara da ranar ƙarewarsa, da ko zai dawo aiki gaba ɗaya ko da sharaɗi, da kuma wane likita ne ya sa hannu.

A ɗauki misalin mai ɗaukar kaya a sito na wata masana'anta a Sharaɗa da aka yi wa tiyatar gwaiwa. Idan likita ya rubuta sunan ciwon, kafin la'asar an fara yi masa ba'a a bakin ƙofa. Idan kuma ya rubuta "ba shi da lafiya" kawai, ranar da ya dawo za a ɗora masa buhu mai kilo 50, ɗinki ya buɗe. A asibitocinmu da Turanci aka fi rubuta takardar, amma ma'anar wadda ta dace ita ce:

"Na duba mai wannan suna ranar 3 ga Maris. Saboda dalilin rashin lafiya, ba zai iya aiki ba daga 3 zuwa 16 ga Maris. Daga 17 ga Maris zai iya aiki mara nauyi na mako huɗu, ban da ɗaga abin da ya wuce kilo 5. Zai dawo a sake duba shi ranar 14 ga Afrilu."

A ƙasa sai sunan likita, da sa hannunsa, da lambar rajistarsa ta MDCN, majalisar da ke yi wa likitoci rajista, da hatimin asibiti. Manajan sito ya san zai mayar da ma'aikacin wajen ƙirga kaya na wata ɗaya, kuma bai san abin da aka yanka ba. Haka ma direban da aka ɗora a kan maganin da ke sa barci: a rubuta kada ya tuƙa mota har zuwa rana kaza, ba sai an ambaci maganin ba.

"Da zarar an cire sunan ciwo, asiri ya rufu"

Rabin gaskiya ne. Sau da yawa hatimi ne ke tona asiri, ba rubutun likita ba. Takardar da aka buga wa hatimin sashen masu taɓin ƙwaƙwalwa, ko na masu karɓar maganin HIV, ko na neman haihuwa, ta riga ta faɗi komai. Haka idan aka sa lambar ciwo irin ta tsarin ICD, domin kowa zai iya bincika ta a wayarsa. Haka idan aka manna takardar magani ko rasit ɗin gwaji a baya. Mara lafiya yana iya roƙon a yi amfani da takardar asibiti ta gaba ɗaya da babban hatiminsa. Idan asibitin kansa na ciwo ɗaya ne, sunansa kaɗai ya isa shaida, sai a tattauna da likita ko wani likitan da ya duba shi a sashen marasa lafiya na yau da kullum zai iya bayarwa.

"Kamfani zai iya tura ka wajen likitansa"

Gaskiya ne. Sashen nan na 16 ya ɗora sharaɗin cewa idan mai aiki ya nema, ma'aikaci zai yarda likitan da kamfani ya zaɓa ya duba shi. Sai dai shi ma wannan likita dokar sirri ta hau kansa. Abin da zai mayar wa kamfani shi ne ko mutumin zai iya aiki, ko ba zai iya ba, ko zai iya da sharaɗi. Dokar hana wariya ga masu HIV ta 2014 kuma ta hana a mayar da gwajin cutar sharaɗin aiki, ta hana bayyana matsayin mutum ba da izininsa ba. Idan ana zargin takarda ta bogi ce, kamfani na iya tambayar asibiti ko daga wurinsu ta fito. Amsar "e" ce ko "a'a", ba a buɗe fayil.

"Likitan kirki zai taimaka ya mayar da kwanan wata baya"

Wannan ba taimako ba ne. Ba da takardar ƙarya laifi ne da zai iya kai likita gaban kwamitin ladabtarwa na MDCN. Idan mutum ya kwana uku a gida kafin ya zo asibiti, likita zai rubuta ainihin ranar da ya gan shi, ya ƙara da cewa mara lafiya ya shaida masa ciwon ya fara rana kaza. Rufe sunan ciwo halas ne; rubuta zazzaɓin cizon sauro a gurbin ɓari ƙarya ce, ko da da kyakkyawar niyya aka yi.

Inda ake buƙatar cikakken bayani

Idan inji ya yanke wa ma'aikaci yatsa, neman diyya a hukumar NSITF bisa Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 yana buƙatar rahoton likita da ya bayyana raunin. Cututtuka irin su kwalara da zazzaɓin Lassa kuwa hukumomin lafiya ake sanar wa, su ne za su bi sawun waɗanda suka yi cuɗanya da mara lafiya. A duk waɗannan, rahoto ne daban mai zuwa ga hukuma daban, ba takardar hutu ba.

Ma'aikacin da ya ga dama ya faɗa wa maigidansa ciwonsa, babu mai hana shi. Amma ya karanta takardar tun yana gaban likita, ya duba hatimi da ranaku, domin da zarar ta shiga fayil ɗin ofis ba shi ke zaɓen mai karanta ta ba.