Takardar Neman Bayani a kan Lissafin Tayil

Kowace shekara idan kaka ta yi, manoman ƙasar Funtuwa da Malumfashi sukan sayar da masara da auduga da waken suya a kasuwanni irin su Dandume da Bakori, waɗansunsu su sa kuɗin a gini. A wannan lokaci ne ake yawan kawo wa hakimai ƙara tsakanin mai gida da ɗan kwangila, musamman a kan yawan tayil ɗin da aka rubuta a takardar lissafi. Galibi ana iya kashe maganar tun ba ta kai gaban alƙali ba, muddin mai gida ya rubuta takarda mai hujja. Saboda haka ya kamata malaman hakimai, waɗanda talakawa kan nemi su rubuta musu irin wannan takarda, su san yadda ake lissafin.

Yadda Ake Awo

Ana sayar da tayil kwali kwali, amma ana auna daɓe da murabba'in mita, watau tsawon ɗaki sau faɗinsa. Lalle ne a auna daga ciki, bango zuwa bango, domin wanda ya auna daga waje ya haɗa da kaurin bulo, inda ba a shimfiɗa kome. Magina da yawa har yanzu da ƙafa suke magana, don haka a tabbata duk awon iri ɗaya ne. Ɗakin da ake ce wa sha biyu sha biyu bai wuce murabba'in mita 13 da rabi ba.

A jikin kowane kwali an buga girman tayil da yawansa. Mai santimita 40 kowane gefe yakan zo guda 12 a kwali, ya rufe murabba'in mita 1.92. Mai santimita 60 kuwa yakan zo guda 4, ya rufe 1.44. Da yake kamfanoni sun bambanta, kada malami ya yi lissafi da ka, sai ya sa an kawo masa kwalin ya karanta.

Abin da Ya Halatta a Ƙara

Ba a sayen tayil daidai da awon ɗaki, domin sai an yanka na bakin bango da na ƙofa, wani kuma yakan fashe a hannun ma'aikaci. Al'adar masu sana'ar ita ce a ƙara kashi 10 cikin 100 idan shimfiɗar miƙaƙƙiya ce, a ƙara kamar kashi 15 idan an jera shi a karkace, domin yanka ya fi yawa. Har wa yau akwai ɗan sirin da ake mannawa a gindin bango, mai tsayin kamar santimita 10, wanda daga jikin tayil ɗin ake yanko shi. Masu gida sukan manta da waɗannan biyu, su zargi ɗan kwangila a kan abin da yake da gaskiya.

Misali

A ɗauka wani manomi a ƙasar Malumfashi ya ba da aikin falo ɗaya, da ɗakuna biyu, da baranda, da tayil mai santimita 40. Da aka gama, sai ɗan kwangila ya kawo takardar lissafi mai kwali 48. Manomin ya je wurin malamin hakimi, suka tafi da abin awo suka auna.

Falo mita 5 ne da mita 4, watau murabba'in mita 20. Kowane ɗaki mita 4 da 3.6, su biyun 28.8. Baranda mita 6 da 1.2, watau 7.2. Jimla 56. Da aka ƙara kashi 10 cikin 100 ya zama 61.6, aka raba da 1.92, ya ba da kwali 32 da ɗan ɗoriya, aka cika shi 33 tun da ba a fasa kwali. Kewayen gindin bango a falo da ɗakunan, bayan an fitar da ƙofofi, ya kama mita 45, wanda kwali 3 ya ishe shi. Ke nan abin da aikin ke bukata kwali 36 ne, saura 12 ba a san inda suka shiga ba. Kwali 12 kuwa ya isa ya rufe falon duka har a yi rara.

Takardar

Ga yadda malamin ya rubuta da yawun mai gida:

"Zuwa ga Alhaji ɗan kwangila. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Bayan haka, na sami takardarka ta lissafin aikin gidana, na kuwa ga aikin ya yi kyau. Sai dai ka rubuta tayil kwali 48, ni kuma na auna falo da ɗakuna biyu da baranda daga ciki, na sami murabba'in mita 56. Da na ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, na haɗa da na gindin bango, lissafina ya tsaya a kwali 36. Mai yiwuwa ne akwai abin da ya shige mini duhu. Ina roƙonka, Alhaji, ka aiko mini da awon kowane ɗaki kamar yadda ka ɗauka, da rasit ɗin shagon da ka saya, da yawan kwalin da ya ragu da inda yake. Na aiko da kuɗin kwali 36 tare da wannan takarda, saura kuma zan biya da zarar bayani ya daidaita. Ina so mu haɗu a gidan ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar, mu sake awo tare. Haza wasalam."

A lura, babu kalmar zamba ko ha'inci a ciki, domin zargi kan sa mutum ya kafe, amma lissafi dole a amsa shi da lissafi. Biyan abin da babu gardama a kansa kuma yana hana a ce mai gida neman hanyar cin bashi yake yi. A sa kwanan wata, a yi kwafi biyu, ɗaya ya zauna a ofishin hakimi.

Yadda Ake Auna Amsa

A misalin nan, ɗan kwangila ya amsa cewa kwali 8 na madafa ne, wadda aka sa cikin shirin farko, daga baya mai gida ya janye ta da kuɗi suka yi kaɗan. Kwali 2 sun farfashe a mota daga Kano, 2 kuma ya kasa faɗin inda suke.

Kowane kashi da hukuncinsa. Na madafa, idan an riga an saya, sai a kawo su a ƙirga a gaban shaidu, ko dai mai gida ya biya ya karɓa, ko a mayar wa mai shago idan ya yarda. Yana da kyau ya riƙe kwali ɗaya don gyaran gaba, domin launin tayil yakan ɗan sāɓa daga wannan zubi zuwa wancan. Na fashewa ya danganta ga alkawarinsu: in ɗan kwangila ne ya ɗauki nauyin sayowa da kawowa, ba a ɗora wa mai gida sai in sun yi sharaɗin haka, kuma ya kamata a nuna fasassun. Wanda ba shi da bayani kuwa, a soke shi daga takarda.

Idan aka rasa rasit, daɓen da kansa shaida ne. A ƙirga tayil a jere ɗaya na tsawo da jere ɗaya na faɗi, har da yankakku, a ninka. Falo mai mita 5 da mita 4 zai nuna kamar 13 sau 10, watau 130, kusan kwali 11. In bayan wannan duka ba a daidaita ba, hakimi ya tura su kotu tare da kwafin takardar da awon da aka yi a gaban shaidu.