Kafin ka ɗora sola, tambayi kwanonka shekarunsa

Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, janareta ya fi ƙarfin aljihuna, sai na bi sahun maƙwabta na sa aka ɗora mini farantan sola shida a kan rufin gidana da ke Kano. A bazarar 2024 aka yi aikin, lokacin da ko ɗigon ruwa babu a sama, saboda haka babu abin da zai tona asirin kowa. Da marka ta kankama a watan Agusta, sai wani tabo mai launin ƙasa ya bayyana a silin ɗin ɗakin yara. Kafin mako biyu, kwanon wanki muke tarawa a tsakiyar ɗaki.

Na kira yaron da ya haɗa solar, ya hau da kwalbar silikon ya shafe kan kusoshin, ya ce an gama. Ruwa na gaba ya ƙaryata shi. Daga nan na nemo wani dattijon kafinta da ya yi shekaru yana buga rufi. Bai fara hawa sama ba; ta ƙofar silin ya shiga da tocila, ya daɗe, sannan ya sauko ya ce, "Malam, wanda ya yi maka aikin nan ya san waya, amma bai san ruwa ba."

Abin da ya nuna mini ya wuce gardama. Kwano yana da tudu da kwari, kuma ruwan sama ta kwarin yake gangarowa. Shi ya sa kowane kafinta yake buga kusarsa a kan tudu. Mai haɗa solar nawa kuwa, saboda kwari ya fi daɗin zaunar da ƙafar ƙarfe, sai ya huda a nan, wato a tsakiyar hanyar ruwa. Cikin ƙafafu goma sha huɗu da ke riƙe da sandunan da farantan suke kai, biyar ba su ma samu katako ba, kwanon kawai suka kama. Faranti mai wat 550 yana da nauyin kilo 27 ko kusa da haka, faɗinsa kuma ya haura murabba'in mita biyu da rabi. Nauyin ba shi ne babban abin tsoro ba. Iskar da ke gabatar hadarin farkon damina ita ce take shiga ƙarƙashinsa tana ɗaga shi tana saki, kowace girgiza tana ƙara wa hudar faɗi.

Yadda ya kamata a yi shi ne a shiga cikin silin a gano inda katakon yake, a duba ko gara ta ci shi, sannan a huda tudun da ke bisa katakon daidai. Abin ɗaurewa ya zama noti mai zare wanda ba ya tsatsa, mai ɗauke da wosha ta baƙar roba mai jure rana, ya nutse cikin itace sosai. Wannan robar ita ce ke tare ruwa. A ɗaure ta har ta zauna daram, amma idan aka ga ta tsattsago ta gefe, an matse ta fiye da kima, za ta tsage. Silikon mataimaki ne kawai, kuma irin wanda ke warin tsami yana cin kwano. Akwai ma dalilin da ya sa shafe-shafe ba ya ɗorewa: sandar alminiyom mai tsawon mita bakwai tana miƙewa da kimanin milimita shida idan zafinta ya ƙaru da digiri 40, kamar yadda yake faruwa tsakanin asuba da azahar. Kullum tana miƙewa tana komawa, abin da aka liƙa daga waje kuwa sai ya saki. Wani ƙaramin abu da ake rainawa shi ne garin ƙarfen da ke zuba wajen huda. Idan ba a share shi a ranar ba, raɓa kaɗai ta isa ta mayar da shi ɗigo-ɗigon tsatsa.

Masu rufin tayil na siminti ko na yumɓu, nasu ya bambanta, domin ba a huda shi sam. Ana zame tayil ɗaya, a ɗaure wata lanƙwasasshiyar ƙugiya a jikin katako, a ɗan goge ƙasan tayil ɗin don ƙugiyar ta samu hanya, a mayar da shi mazauninsa. Sharaɗin shi ne kada ƙugiyar ta zauna a kan tayil ɗin ƙasa, in ba haka ba iska za ta danna ta, ya tsage a inda ido ba ya gani. Shi kuwa wanda ake yayi yanzu, mai yashi-yashi a jiki, ƙarfe ne da aka lulluɓe da tsakuwa, kuma mai hawa ya san inda zai taka, domin yana loɓawa.

Duk wannan gyara ne mai yiwuwa, kuma na ɗauka a nan za mu tsaya. Sai dattijon ya tambaye ni shekarar da aka buga rufin. Na ce 2009. Ya kai ni bakin indararo ya ɗaga gefen kwanon inda biyu suka hau juna, sai ga tsatsa ja wur, wani wurin ma yatsa yana iya ɓula shi. Ya ce, "Wannan falle-fallen, in ya ƙara shekara biyar ya yi maka kara."

A nan lissafin ya fito mini fili. Masu ƙera faranti suna ba da tabbacin cewa zai kai shekara 25 yana ba da aƙalla kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa. Na ɗauki abin da zai kai 2049 na aza a kan abin da da ƙyar zai ga 2029. Ranar da kwanon ya gaza, dole a kwance farantan, a sauko da su, a ajiye, a buga sabon rufi, a sake hawa da su, a sake haɗa waya. Kuɗin aiki sau biyu ke nan, ban da haɗarin fashewar gilashi a hawa da sauka. Kafin ranar kuma, wurin da farantan suka rufe ba ya dubuwa, ba ya fentuwa, ƙurar hunturu da ganyen darbejiya suna taruwa a ƙarƙashi suna riƙe danshi, musamman idan ba a bar tazarar kamar santimita goma ba.

Ra'ayina, wanda na saya da tsada, shi ne duk rufin da ba ka da yaƙinin zai ƙara shekara ashirin bai cancanci a huda shi don sola ba. Ba lallai ne a sauya na gidan duka ba. Ni ɓarin da farantan suke kai kawai na canza, na sa dogon kwanon alminiyom mai kaurin milimita 0.55, muka musanya katako uku da gara ta taɓa. Wanda ba shi da halin wannan, kuma yana da fili a tsakar gida, gara ya kafa rumfar ƙarfe ya ɗora su a kai, ya samu inuwa a ƙasa, ya huta da hawa tsani in za a wanke ƙura.

Ranar da aka mayar da farantan, ban biya cikon kuɗi ba sai da muka yi gwaji. Yaro ya hau da tiyo yana kwarara ruwa, ya fara daga ƙafafun ƙasa yana yin sama, dattijon yana cikin silin da tocilarsa. Ƙafa ta tara ta nuna danshi, aka kwance ta aka sauya wosha. Wayar ma ba mu yarda a huda mata kwano ba. Ta bakin rufi aka zagayo da ita, aka ɗan sassauta ta ƙasa kafin ta shiga bango, don ruwan da ya biyo ta ya ɗige a waje. Tabon da ke silin ɗin ɗakin yara na bar shi ban fente ba, na zagaye shi da fensir, kuma har damina ta ɗauke bai tsallake layin ba.