Usman Garba a Takardar Larabci

Ɗalibin da ya samu gurbin karatu a Azhar ko Jami'ar Musulunci ta Madina, da wuya ya tsallake layin da ake cewa ya rubuta sunansa da Larabci. Fasfonsa da boko yake, jami'in da zai karanta takardar kuwa Balarabe ne. A nan ne mutanenmu da yawa ke jawo wa kansu wahala, musamman waɗanda suka iya ajami, domin ajami daban, Larabci daban.

Mu ɗauki mai suna Usman Garba. Usman ba shi da matsala idan aka mayar da shi asalinsa, عثمان. Wanda ya bi lafazin Hausa ya rubuta أسمان ya ƙirƙiro sunan da Balarabe bai sani ba. Haka Shu'aibu, شعيب, da Hauwa, حواء. Sai dai akwai iyaka: in fasfo ya ce Habu, kada a rubuta أبو بكر wai don shi ne asali. Jami'i zai gwama takardun biyu ya ga mutum biyu.

Garba ne mai wuyar, saboda Larabcin littafi ba shi da baƙin "g". Almajirin ajami zai sa غ, Balarabe kuma ya furta shi daga maƙogwaro, ya mayar da shi boko da "Gh". Mutumin Alƙahira ج yake furtawa "g", amma wannan baƙin a Makka "j" ne, sai Garba ya koma Jarba. A Sudan da Saudiyya kuwa ق ake furtawa "g" a maganar yau da kullum. Babu zaɓin da ya dace da ko'ina. Shawarata ita ce a duba ƙasar da takardar za ta, a zaɓi baƙi ɗaya, a rubuta sunan da boko a gefensa daidai da fasfo.

Baƙin "c" ma tarko ne. Ajami na rubuta shi da ث, wanda Balarabe ba zai taɓa karantawa "c" ba. Ciroma sai an fara shi da تش. Sannan takardun ofis ba a yi musu wasali, don haka a sa alif da wau da ya su tsaya a madadinsa: Tanko ya zama تانكو.

Kafin miƙa takarda, a ba wani mai karanta Larabci wanda bai san sunan ba ya karanta da ƙarfi. In abin da ya fito daga bakinsa ya yi kusa da na fasfo, a riƙe wannan rubutun a biza, da katin zama, da shaidar kammala karatu. Baƙi ɗaya in ya sauya tsakaninsu, gyaransa kan kai mutum har ofishin jakadanci.